Buga Gem ɗin Waya a Kwamfuta: Yadda Ake Rabon Ram da Kafa Maɓallai

Duk mai gyaran kwamfuta a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano ya san wannan ƙorafi. Yaro zai zo da laftof a jaka, ya ce ya sauke manhajar da ake buga gem ɗin waya da ita, ya ba ta duk ram ɗin da na'urar take da shi, amma Free Fire sai makalewa yake, har gara a kan tsohuwar wayarsa. Wani kuma gem ɗin yana tafiya lafiya, sai dai in ya danna maɓallin tsalle sai mutumin nasa ya durƙusa, in ya juya maus sai bindiga ta tashi da kanta. Sau da yawa babu abin da ya lalace a jikin kwamfutar. Saiti ne aka yi ba tare da sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi ba, kuma abu ne da mutum zai iya gyarawa da hannunsa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Manhajar da ake magana a kanta ita ce emuleta. Aikinta ta ƙirƙiri wayar Android ta ƙarya a cikin Windows, mai nata allon da nata ram da nata ma'ajiyar, ta yadda gem zai ɗauka a cikin waya yake. Akwai su da dama: BlueStacks, wadda ta fara fitowa a 2011, da LDPlayer da MEmu da NoxPlayer, sai GameLoop ta kamfanin Tencent, wadda aka fi buga PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile da ita. Sunayen saitinsu sun ɗan bambanta, amma tushen ɗaya ne. A nan za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: laftof ɗin HP EliteBook 840 G3, irin wadda ta cika kasuwannin kayan gwanjo, mai furosesa Core i5-6300U da ram giga 8, an sa mata BlueStacks 5 ana son buga Free Fire, gem ɗin da kamfanin Garena ya fitar a 2017.

Kafin a taɓa komai akwai abu ɗaya da za a duba. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, a zaɓi CPU, a nemi layin da aka rubuta Virtualization. In an ga Enabled, madalla. In kuwa Disabled ne, to duk wani saiti da za a yi daga baya ɓata lokaci ne, domin wannan ita ce damar da furosesa ke bayarwa ta gudanar da wata na'ura a cikinta kai tsaye, kuma in babu ita emuleta ko dai ta ƙi tashi ko ta riƙa jan ƙafa. Ana kunna ta ne a BIOS. A kashe kwamfutar, a kunna, a yi ta danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 a yawancin ThinkPad. A ciki a nemi Virtualization Technology ko VT-x, a na'urorin AMD kuma SVM, a kunna, a adana a fito. Wasu laftof ɗin sukan zo da ita a kashe.

Ram nawa za a ba ta?

A nan ne aka fi tafka kuskure, kuma dalilin kuskuren a bayyane yake. A waya mun saba cewa mai ram 8 ta fi mai ram 4, sai mutum ya ɗauka in ya ja saitin emuleta zuwa ƙarshe ya sayi babbar waya ke nan. Abin da ya manta shi ne emuleta ba ta zo da ram ɗinta ba. Daga na kwamfutar take yanka, kuma Windows da take zaune a kai shi ma yana buƙatar nasa.

Ram kamar teburin tela yake, faifan ajiya kuma kamar kabad ɗin da ke bayan shago. Abin da ke kan tebur hannu na kai wa gare shi nan take. In tebur ya cika, dole a riƙa kwashe wani yadi ana kaiwa kabad, ana ɗauko wani, kuma kowace tafiya ɗinki ne ya tsaya. Haka Windows yake yi in ram ya ƙare masa: yana tura wani sashe na aikinsa zuwa faifan ajiya, ya dawo da shi in ya buƙata. Faifan ajiya kuwa, ko da SSD ne, bai kama ƙafar ram a sauri ba, balle tsohon HDD mai juyawa. Duk lokacin da aka yi wannan kai-da-kawowa, gem sai ya cije.

Mu yi lissafi da na'urarmu mai giga 8. A kunna ta, a bar ta ta natsu, kada a buɗe komai, a shiga Task Manager a zaɓi Memory. Lambobi biyu ne abin dubawa: In use, wato abin da aka riga aka cinye, da Available, abin da ya rage. A irin wannan laftof mai Windows 10, ba abin mamaki ba ne a tarar kusan giga 3 sun tafi tun kafin a yi komai. Saura 5. Sai kuma wani mai ci da ba a cika tunawa da shi ba. Wannan laftof ba ta da katin hoto mai zaman kansa; Intel HD Graphics 520 da ke cikin furosesarta daga ram ɗin kwamfutar yake ɗibar wurin zana hotunan gem. Ita ma emuletar kanta, ban da wayar ƙaryar da ta ƙirƙira, tana da nata cin. A ware wa waɗannan biyun kamar giga 1. Saura 4. A bar wa Windows giga 1 na numfashi, domin yakan tashi wani aiki a bayan fage ba tare da sallama ba. Abin da ya rage, giga 3, shi ne rabon emuleta na gaskiya, kuma ya ishi Free Fire har da rara.

Wurin sa shi yana cikin Settings na BlueStacks, a ƙarƙashin Performance, a layin Memory allocation. In babu adadin da ake so a cikin jerin, a zaɓi Custom. Can da megabait ake rubutawa, kuma giga 1 megabait 1024 ne, saboda haka giga 3 zai zama 3072, giga 2 kuma 2048. Sai an sake kunna emuletar canjin zai kama.

Mai ram giga 16 ya ba ta 4 ya huta. Ƙarin da ya wuce haka da wuya gem ɗin waya ya amfana da shi, domin an gina waɗannan wasanni ne su yi aiki a wayoyin talakawa. Mai giga 4 kuwa, gaskiya ɗaya ce: ko da kamfanin BlueStacks ya ce giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da manhajarsa ke buƙata, wannan na tashi ne kawai, ba na jin daɗin wasa ba. Zai iya gwada 1536 ko 2048 bayan ya rufe komai, musamman Chrome, amma maganin da ya fi shi ne ƙarin ram. EliteBook 840 G3 tana da ramuka biyu na DDR4, kuma in aka cika su biyun da ram iri ɗaya, sashen hoton ma yakan ƙara sauri, tunda hanya biyu yake samu ta ɗibar bayanai maimakon ɗaya. A ganina duk wanda ke da 'yan kuɗi kaɗan da yake son kashewa a kan wannan harka, nan ya kamata ya fara sa su, ba a kan maus mai walƙiya ba.

A wannan shafi na Performance akwai CPU allocation, kuma tarkonsa irin na ram ne. Task Manager zai nuna cewa Core i5-6300U tana da Cores 2 da Logical processors 4. Na farkon su ne ƙwayoyin aiki na zahiri. Na biyun dabara ce ta sa kowace ƙwaya ta riƙe aiki biyu a lokaci guda. In aka ba emuleta 4 an miƙa mata komai, alhali Windows ne ke karɓar motsin maus da danna kibod da sauti ya isar mata. A ba ta 2. Furosesa tana da wani nauyin ma da ba a gani: wayoyi suna amfani da tsarin ARM, kwamfutoci kuma x86, don haka gem ɗin da aka gina wa waya kaɗai sai an riƙa juya umarninsa zuwa na kwamfuta yayin da ake bugawa. Shi ya sa wani lokaci waya matsakaiciya kan fi laftof santsi a gem ɗaya.

Sai girman hoto, a ƙarƙashin Display. Allon 1920x1080 ɗigo 2,073,600 ne ake zanawa a kowane hoto, na 1280x720 kuma 921,600, wato ƙasa da rabi. Ga laftof marar katin hoto, 1280x720 da 240 DPI shi ne daidai, a kuma shiga saitin Free Fire ɗin kansa a sa hoton a Smooth. Hoto mai kyau da ke tsayawa a tsakiyar musayar wuta ba shi da amfani ga kowa.

Yaya mutum zai gane inda matsalarsa take? A kunna Display FPS during gameplay, wata 'yar lamba za ta bayyana a gefen allo tana nuna hotuna nawa ake zanawa a daƙiƙa. A bar Task Manager a buɗe, a yi wasa na ɗan lokaci, sannan a leƙa. In Memory ya haura kashi 90 cikin 100, Disk yana ta bugawa sama, kuma ba gem kaɗai ba har Windows ɗin ma ya yi nauyi, an ba emuleta fiye da kima, a rage. In kuwa Windows garau yake amma gem ya rufe kansa farat ɗaya ya mayar da mutum fuskar emuleta, musamman lokacin da ake loda taswira, to rabon ya yi kaɗan, Android ɗin ciki ne ya kashe gem ɗin don ya samu wuri. A ƙara 512 a sake gwadawa. In ram lafiya lau amma lambar ba ta tashi, a rage girman hoto: ta ɗaga, sashen hoto ne ya gaji, ba ta motsa ba, furosesa ce ta kai iyakarta.

Akwai kuma alamar da mu mutanen ƙasar zafi muka fi kowa sani. Wasa ya fara lafiya, bayan kamar rubu'in awa fanka ta hau kuka, komai ya yi sanyi. A duba Speed a shafin CPU. Wannan furosesa asalin gudunta 2.40 GHz ne, tana iya kaiwa 3.00. In an ga ta faɗo ƙasa da asalin alhali ana cikin wasa, zafi ne ya sa ta rage gudu don kada ta ƙone. Babu saitin ram da zai magance wannan. A ɗauke laftof ɗin daga kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta iska ta shiga, a kai ta a busa ƙurar hunturu da ta toshe fankar. Haka nan in aka ɗauke wuta ta koma kan batir, da kanta take rage ƙarfi, sai a ga wasan ya canza nan take.

Maɓalli wuri ya sani, bai san aiki ba

Gem ɗin waya yatsa kawai ya sani. Bai san kibod ba, bai san maus ba. Abin da emuleta ke yi shi ne, in ka danna wani maɓalli, ta gaya wa gem cewa yatsa ya taɓa wuri kaza a allo. Wanda ya riƙe wannan ya gama fahimtar rabin aikin. In ka sa Space a kan alamar tsalle, ba ka ce wa Space ya zama tsalle ba. Ka ce masa ya taɓa wannan gurbin ne, ko mene ne ke wurin. Ranar da alamar ta gusa, Space zai ci gaba da taɓa gurbin da aka nuna masa, ko da fili ne, ko da alamar durƙusawa ce ta koma can.

Daga nan tsarin aikin ya fito da kansa. Da farko a tsayar da girman allo da DPI, kada a sake taɓa su. Na biyu a shiga saitin Free Fire, wurin Custom HUD, a jera alamomin yadda ake so, a raba waɗanda suka cunkushe, a adana. Sai a ƙarshe a zo kafa maɓallai. Wanda ya fara da maɓallai sannan ya koma ya canza girman allo ko ya matsar da alamomi, aiki biyu zai yi.

A shiga filin atisaye na gem ɗin, inda ba a rasa komai in an mutu, a danna Ctrl da Shift da A. Controls editor zai buɗe da jerin kayan aiki a gefe. Guda uku ne ginshiƙai.

Mafi sauƙi shi ne Tap spot. A jawo shi a ajiye a tsakiyar alama, a danna maɓallin da ake so. Al'adar masu wasa a kwamfuta ita ce Space tsalle, C durƙusawa, Z kwanciya, R sake loda harsashi, 1 da 2 da 3 sauya makami. Abin da ake buƙata cikin gaggawa, kamar Gloo Wall, a sa shi inda yatsan hagu zai kai ba tare da ya bar wurinsa ba, misali E ko Q. A tabbata tsakiyar alamar aka saita, ba gefenta ba.

Na biyu D-pad, na tafiya, wanda ake ɗorawa a kan da'irar da babban yatsan hagu ke ja a waya. In ka danna W, emuleta takan ajiye yatsan ƙarya a tsakiyar da'irar ta ja shi sama. A hagu, S baya, D dama. Abu biyu ne ke ɓata shi. In tsakiyarsa bai hau tsakiyar da'irar gem ɗin daidai ba, za ka danna W ka ga mutuminka yana karkacewa gefe. In kuma faɗinsa ya yi ƙanƙanta, jan ba ya nisa, sai ya riƙa tafiyar sanɗa maimakon ya miƙe. A ƙara girman har sai ya yi daidai da na gem. Ga 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai, da duk mai laftof ɗin da ta fito daga Faransa, kibod ɗin AZERTY ne, haruffan ba a wuri ɗaya suke ba. Abin da ya yi daidai da W, A, S, D a wurinsu shi ne Z, Q, S, D, sai a nema wa kwanciya wani maɓallin.

Na uku shi ne mai wuyar, Aim, pan and shoot, wanda ke mayar da motsin maus ya zama shafar yatsan dama da ake juya kallo da shi. In aka danna F1, kibiyar maus takan ɓace, maus ya koma juya kallo, danna hagu kuma ya zama harbi, muddin an ɗora 'yar alamar harbin a kan ta gem ɗin. A sake danna F1 kibiya ta dawo, don buɗe jaka ko taswira. A wasu laftof sai an haɗa da Fn kafin F1 ya yi aiki, don haka wasu kan sauya shi da wani maɓalli. Tunda yatsan ƙarya ne ke shafar allo, wurin da aka ajiye shi yana da muhimmanci ƙwarai: dole ya zama fili ne a ɓangaren dama, nesa da kowace alama. In ya kusanci alamar harbi ko ta leƙen nesa, to ga dalilin da bindiga ke tashi da kanta in an juya.

Saurin juyawa kuma wurare da yawa ne ke da hannu a ciki: maus ɗin kansa, saitin Windows, lambobin X da Y na emuleta, da General a saitin Sensitivity na Free Fire. Mai canza su gaba ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. A cire alamar Enhance pointer precision a saitin maus na Windows, a bar na gem a wuri ɗaya, a riƙa motsa X kaɗai har sai jan maus sau ɗaya daga gefen tebur zuwa gefe ya juya mutum ya fuskanci bayansa. Daga nan a koma kan Y, wanda ke ɗaga baki sama da ƙasa. Kada a kwafi lambobin wani da aka gani a bidiyo, domin maus ɗinsa da girman allonsa ba naka ba ne. In an gama a danna Save changes, a kuma fitar da kwafin tsarin a ajiye a wani wuri.

BlueStacks takan zo da shiryayyen tsari na Free Fire, har da wanda ake kira Smart controls, mai gane yanayin da ake ciki ya saki kibiya ko ya kama ta da kansa. Ga sabon shiga ya wadatar. Amma ranar da gem ya yi sabuntawa ya motsa alamominsa, wanda ya san yadda ake kafawa da hannu ne kaɗai zai gyara nasa cikin 'yan mintoci.

Wasu matsalolin ba na emuleta ba ne sam. In aka danna Shift sau 5 a jere, Windows yakan fito da tambayar Sticky Keys a tsakiyar wasa. A kashe ta a saitin kibod. Faifan shafawa na laftof yakan daina amsawa yayin da ake danna haruffa, saboda haka maus na waje dole ne. Kibod mai araha kuma wani lokaci ba ya iya ɗaukar wasu maɓallai uku a tare, sai ka riƙe W da Shift ka danna na uku ya ƙi. A gwada sauya na ukun kafin a zargi manhaja.

Kafin a bar waya, a ɗaure akawun ɗin gem da Google ko Facebook, domin akawun ɗin baƙo a cikin wayar yake zaune, ba zai biyo ka kwamfuta ba. A kuma sani cewa manyan wasannin harbi suna gane emuleta. PUBG Mobile yakan faɗa wa mutum ƙarara, ya haɗa shi da masu emuleta 'yan'uwansa, kuma in ya shiga tawaga da abokansa masu waya, dukkansu can za a kai su. Wannan adalci ne, don mai maus da kibod ya fi mai yatsu biyu damar saiti. Za ka gamu da masu tallar wasu fayiloli da suke cewa suna ɓoye emuleta don a haɗa ka da masu waya. Kada ka sauke su. Sun saɓa wa dokar wasan, suna jawo a rufe akawun ɗin da ka daɗe kana ginawa, kuma ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba. Ita ma emuletar, daga shafin kamfanin da ya yi ta kaɗai za ka ɗauko ta.